Wa Zan Riƙe? Abin da Baƙo Yake Nema a Shafin Sana'arka Kafin Ya Tura Kuɗi

Mutumin da ya faɗo shafin wani shago a intanet karon farko, ya ga kaya sun yi masa, farashi ma bai fi ƙarfinsa ba, akwai abin da yakan yi kafin ya buɗe manhajar bankinsa. Yakan gangara ƙasan shafin ya nemi wurare biyu: inda aka rubuta About Us ko "Game da Mu", da inda aka rubuta Contact Us ko "Tuntuɓe Mu". Tambayoyin da ke ransa ba su da yawa. Wa zan tura wa kuɗin nan? A ina yake? In kaya ba su zo ba, ko suka zo ba yadda na gani a hoto ba, wa zan riƙe?

Abin da yakan tarar a mafi yawan shafukan ƙananan sana'o'inmu bai amsa ko ɗaya daga ciki ba. Zai tarar da kirari: mu ne kan gaba, ingancinmu babu kamarsa, gamsuwar kwastoma ita ce burinmu, gaskiya da riƙon amana su ne jarinmu. Mai shagon yana iya kasancewa mutumin kirki ƙwarai, kuma da zuciya ɗaya ya rubuta. Matsalar ita ce ɗan damfara ma haka yake rubutawa, har ya fi shi iya tsara zance, domin shi sana'arsa ke nan. Baƙon da ke Fatakwal ko Yamai yana kallon waya ba shi da hanyar bambance su ta waɗannan kalmomi.

Saboda haka ma'aunin da nake ba duk mai rubuta irin wannan shafi guda ɗaya ne. Ya ɗauki jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kansa: wanda bai san ni ba, zai iya bincika wannan ya tabbatar da kansa? Jimlar da za a iya bincikawa ta zauna. Wadda kowa zai iya faɗa a kan kowace sana'a, a cire ta, ko a maye gurbinta da abin da ya sa ta zama gaskiya.

Kasuwancinmu ya daɗe da sanin wannan buƙata. Bafataken da ya kai shanu Sabo ta Ibadan ba ya miƙa dabbarsa bashi ga mahaucin da bai taɓa gani ba sai da tsayawar maigidan da ya sauke shi, wanda yake da gida da suna a unguwar, kuma an san inda za a same shi gobe. A intanet babu maigida. Shafin da ka rubuta shi ne zai ɗauki wani ɓangare na wannan aiki, kuma ba zai iya ba sai in yana ɗauke da suna da wuri da hanyar da za a same ka.

Masu bincike ma nan suka tsaya. A shekarar 2002 wani rukunin masana a Jami'ar Stanford ƙarƙashin B.J. Fogg ya fitar da shawarwari goma kan abin da ke sa mutane su yarda da shafin intanet, bayan binciken da ya shafi mutum sama da 4,500. Cikin goman akwai cewa a nuna akwai kamfani ko ƙungiya ta zahiri a bayan shafin, a nuna mutanen da ke aikin, a sauƙaƙa wa mai karatu tabbatar da abin da aka faɗa, a kuma sauƙaƙa masa hanyar tuntuɓa. A Jamus abin ya wuce shawara: doka ta wajabta wa mai shafin kasuwanci ya sa wani sashe da ake kira Impressum, mai ɗauke da cikakken suna da adireshi da imel da lambar rajista in akwai.

Mai takalma a Ƙofar Wambai

Mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. Wani mai ɗinkin takalma da jakunkunan fata a yankin Ƙofar Wambai a Kano ya buɗe shafi, yana so ya riƙa samun oda daga wajen gari. Yaron da ya haɗa masa shafin ya rubuta masa wannan:

"Barka da zuwa shafinmu. Mu kamfani ne da ya yi fice wajen samar da ingantattun kayan fata na zamani a faɗin Afirka. Ƙwararrun ma'aikatanmu suna aiki ba dare ba rana don biyan buƙatunku. Muna alfahari da gaskiya da riƙon amana. Ku gwada mu, ba za ku yi nadama ba."

A cire "kayan fata" a sa "turare" ko "kayan gini", babu abin da zai canza. Wannan ita ce alamar farko ta rubutun da bai yi aiki ba. Alama ta biyu kuma ita ce "faɗin Afirka". Mai saye da ya kira ya ji cewa mutum huɗu ne a shago guda zai ji an yi masa ƙari, daga nan kuma zai fara shakkar sauran maganar, har da wadda take gaskiya. Ga abin da ya kamata mai shagon ya faɗa, da bakinsa:

"Sunana Wane. Ina ɗinka takalman maza da jakunkunan mata na fata a Ƙofar Wambai, cikin birnin Kano, tun 2014. Na koyi sana'ar a wurin kawuna. Mu huɗu ne a shagon: ni nake yanka, biyu suna ɗinki, ɗaya yana kula da waya da aika kaya. Fatar akuya da ta tunkiya muke saya a wurin majema a nan Kano, ƙasan takalmi kuma na roba ne. A mako muna iya gama takalmi ƙafa sittin, don haka odar da ta wuce ƙafa ashirin takan ɗauki kwana goma. Muna aikawa ko'ina a Najeriya ta mota, kuɗin mota na mai saye ne. In takalmi bai yi maka daidai ba, ka dawo da shi cikin kwana bakwai ba a taka shi ba, mu canza maka lamba. Wanda aka ɗinka da sunan mutum ba a dawo da shi."

Babu kalmar "inganci" ko "amana" a ciki, amma mai karatu ya fita da mutum a idonsa. Ya san sunan wanda yake magana, ya san unguwa, ya san shekarar farawa. Na fi son a rubuta shekarar farawa da a ce "shekara goma muna wannan aiki", domin shekarar ba ta tsufa, ita kuwa "shekara goma" baɗi ta zama kuskure in ba a gyara ba.

A lura da jimlolin da mai shago zai ji kamar suna rage masa daraja: mu huɗu ne, ƙasan takalmi roba ne, oda mai yawa sai an jira, wani kayan ba a dawo da shi. Su ne suka fi ƙarfi a cikin rubutun. Mai son cin kuɗinka ya gudu ba ya gaya maka abin da ba zai iya ba. Komai ka tambaya yana da shi, kuma gobe zai iso. Mai saye da ya taɓa ƙonewa ya san wannan sarai, shi ya sa in ya ga an faɗi iyaka hankalinsa yakan kwanta. Bayan haka kuma waɗannan jimloli suna kashe rigima tun kafin ta taso. Matar da ta yi odar ƙafa talatin don rabon biki ta riga ta karanta cewa kwana goma ne, ba za ta kira ranar uku tana faɗa ba.

Tsarin jimlolin ma ba haka kawai ya zo ba. Jimlar farko da ta biyu sun faɗi wa, me, ina, tun yaushe, domin mutane ba sa karanta shafin intanet kamar littafi. A binciken da Jakob Nielsen da John Morkes suka wallafa a 1997, kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka gwada ido kawai suke bi da shi a kan shafi, kashi 16 ne suke karantawa kalma bayan kalma. Wancan lokacin ma a babbar kwamfuta ne. Yau mai sayenka yana riƙe da ƙaramar waya, data tana tafiya, wataƙila yana cikin adaidaita sahu. In ka fara da "barka da zuwa" da tarihin fata tun zamanin Kasuwar Kurmi, ya tafi kafin ka iso kan sunanka. Labarin kawu da gadon sana'a yana da daɗi, kuma yana da wurinsa, amma a bayan amsar tambayoyinsa, kuma jimla ɗaya ko biyu sun isa.

Sai batun "ni" da "mu". Wanda yake shi kaɗai ya ce "ni". Babu abin kunya a ciki, kuma mai saye yakan fi sakewa in ya san mutum guda ne zai ɗauki waya, shi ne kuma zai ɗauki laifi.

Suna guda a ko'ina

Akwai wurin da ciniki ya fi mutuwa, kuma masu shaguna ba su cika lura da shi ba, domin mai saye ba ya dawowa ya ce ga abin da ya kore ni. Ya karanta shafi, ya yarda, ya karɓi lambar asusu mai lamba goma, ya shigar a manhajar banki. Kafin ya tura, banki yakan nuna masa sunan mai asusun. Shafi ya ce masa shagon Wane, banki kuma ya nuna sunan wata mace da ba a ambata a ko'ina ba. Mai yiwuwa matar mai shagon ce, ko ƙanwarsa mai kula da kuɗi. Baƙon bai sani ba, abin da ya sani shi ne haka 'yan damfara suke yi. Sai ya rufe waya.

Maganin farko shi ne sunan da ke saman shafi, da na WhatsApp, da na rasit, da na asusun banki su zama ɗaya, harafi da harafi. Wanda ya yi rajista da hukumar CAC yana iya buɗe asusu da sunan sana'arsa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin yin rajistar. Wanda bai kai nan ba tukuna, ya faɗa tun da wuri a shafin tuntuɓa: "Asusunmu guda ɗaya ne, sunan da zai fito shi ne kaza, wato cikakken sunana. Duk wanda ya ba ka wani asusu da sunanmu ba mu ba ne." Jimlar ƙarshen nan tana kare mai shagon ma, domin 'yan damfara sukan kwashi hotunan shagon gaskiya su buɗe wani shafi da su.

Lambar rajistar kanta a rubuta ta a fili. Ta sunan kasuwanci tana farawa da BN, ta kamfani kuma da RC, kuma hukumar tana da wurin bincike a shafinta inda kowa zai shigar da suna ya ga ko akwai shi. Cewa "muna da rajista da gwamnati" ba tare da lamba ba, kirari ne shi ma. Haka mai sayar da abin ci na leda ko kwalba ko man shafawa, in yana da lambar NAFDAC ya sa ta, in kuwa ba shi da ita kada ya kuskura ya ɗora tambarin hukumar. Mai saye guda da ya bincika ya ga babu ya isa ya ɓata suna a duk rukunin WhatsApp ɗin da yake ciki.

Hoto shi ma haka. Masu haɗa shafi sukan ɗauko hoton wasu Turawa cikin kwat suna musabaha a ofis mai gilashi su liƙa a ƙarƙashin "ma'aikatanmu". Kowa ya san ba su ba ne, kuma da Google Lens cikin daƙiƙa kaɗan za a ga hoton a shafuka barkatai. Mai takalmanmu ya tsaya da hantsi a ƙofar shagonsa, allon suna yana bayansa, a ɗauke shi da waya. A ƙara wani hoton na teburin yanka da wuƙa da guntayen fata a ƙasa, da keken ɗinki yadda yake, ba sai an share an gyara ba. Gani ya kori ji. Hoton ƙofar yana da wani amfanin kuma: wanda ya zo neman shagon zai gane shi in ya iso.

Adireshin da ɗan aike zai iya bi

Shafin tuntuɓa ya fi gajarta, amma a nan aka fi yin sakaci. Na sha ganin wanda adireshinsa duka shi ne "Kano, Nigeria". Wannan daidai yake da babu. Wani kuma zai rubuta lambar shago da sunan titi kamar yadda ake yi a takarda, alhali a cikin kasuwanninmu da lungunan birni ba da lamba ake samun wuri ba, da kwatance ne. To a haɗa biyun. A rubuta adireshin takarda, sannan a bi shi da kwatancen da za ka yi wa ɗan aike da baki: in ka shigo ta ƙofa kaza, layi na biyu a hannun dama, daura da masallaci, shago mai koren ƙyaure. A Kantin Kwari, sunan gida da hawa da lambar shago su ne adireshi. Bayan haka a ɗora alamar wurin a Google Maps, kuma mai shagon ya sa alamar yana tsaye a ƙofar shagon, domin in yaron da ya haɗa shafi ya sa ta daga ɗakinsa, ba mamaki ta faɗa wata unguwa.

Gwajin adireshi mai sauƙi ne. A ba wa wanda bai taɓa zuwa ba, a ce ya zo ba tare da ya kira ba. Inda ya tsaya ya yi tambaya, nan rubutun yake da giɓi.

Akwai waɗanda wannan shawara ba ta dace da su kai tsaye ba, kuma suna da yawa: matan da ke sana'a a cikin gida, masu turaren wuta da humra da dambun nama da ɗinki. Ba zan ce wa mace ta sa adireshin gidan aurenta da hoton fuskarta a inda duk duniya za ta gani ba. Tsaronta da sirrin gidanta sun fi oda. Amma ɓoye komai ba tare da bayani ba yana jawo zargi, don haka ta faɗi gaskiyar lamarin: "A gida nake aiki, a unguwa kaza cikin Kaduna. Ba na karɓar baƙi a gida. Mai son ganin kaya ko karɓa hannu da hannu, ana ajiyewa a shago kaza da ke kan titi kaza, daga Litinin zuwa Asabar." Unguwa ta fito, wurin da za a taka a je ya fito, dalili ya fito. A madadin fuska, hoton hannu yana aiki da kayan aikin ya wadatar. Lambar waya kuma ta ware ta sana'a daban da ta gida.

Lambar waya a rubuta ta yadda na waje ma zai iya kira. Lambar Najeriya da ke farawa da sifili, in za a kira daga Nijar ko Saudiyya, ana cire sifilin a sa +234. Ta Nijar kuma +227 ne sannan lambobi takwas. A rubuta ta da haruffan da za a iya kwafa, kada a binne ta cikin hoton talla, domin mutum ba zai so ya riƙa haddace lamba uku-uku yana fita yana dawowa ba. Wanda ya haɗa shafin ya mayar da ita abin latsawa:

```
<a href="tel:+234803XXXXXXX">Kira mu</a>
<a href="https://wa.me/234803XXXXXXX">WhatsApp</a>
```

A na WhatsApp ba a sa alamar tarawa, ba a barin sifilin farko, ba a raba lambobin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar sifilin bayan 234, sai mai latsawa ya ga saƙon cewa lambar ba ta da inganci, kuma mai shago zai iya yin watanni bai sani ba.

Lamba nawa? Ɗaya, ko biyu in an faɗi aikin kowace. Jerin lambobi biyar ba bayani yana sa baƙo ya rasa wadda zai kira, kuma in ta farko tana kashe ba lallai ya gwada ta biyu ba. Mai takalmanmu zai rubuta: wannan ta oda ce, yaron shago ne zai ɗauka, wannan ta ƙorafi ce, ni zan ɗauka da kaina. Ware hanyar ƙorafi da faɗin wanda ke bayanta ita ce amsar tambaya ta uku, wa zan riƙe, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Alkawarin lokaci

Sannan lokutan aiki. "Muna nan awa ashirin da huɗu" alkawari ne da ake karyawa daren farko. A rubuta abin da ake yi: Litinin zuwa Asabar, tara na safe zuwa shida na yamma, ran Juma'a ana rufewa daga sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi, Lahadi babu aiki. In azumi ya zo lokaci ya canza, a canza rubutun. Mai kwastomomi a waje ya ƙara "agogon Najeriya", domin Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, Nijar kuwa agogonmu ɗaya.

A faɗi kuma yaushe za a ji amsa. Wannan jimla ita ce alkawarin farko tsakaninka da baƙo, kuma ita ce wadda zai iya gwadawa ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Mai hankali yakan turo ƙaramar tambaya don ya ga yadda za a yi da shi. In shafi ya ce "muna amsawa nan take" sai amsa ta zo bayan kwana biyu, ya riga ya gano darajar sauran alkawuran, har da na dawo da takalmi. Gara a rubuta "muna amsa saƙo cikin kwana ɗaya na aiki" a amsa cikin awa uku. Manhajar WhatsApp Business tana da wurin sa lokutan aiki da saƙon da ke tafiya da kansa in ba ka nan, wanda ake kira Away message. A yi amfani da shi, amma saƙon ya faɗi lokacin da mutum zai amsa.

Imel mai ɗauke da sunan shafinka ya fi wanda aka buɗe kyauta kwarjini, musamman ga kamfanonin da ke son oda mai yawa. Sai dai imel ɗin da ba a buɗewa ya fi rashinsa illa. In ka san ba ka duba shi, cire shi ka bar WhatsApp.

Fom ɗin da ake cikewa a shafi shi ne abin da na fi shakka. Na farko, mutane ba sa son rubutu su jefa a inda ba su san mai karantawa ba, don haka kada ya zama shi kaɗai ne hanya. Na biyu, ana cika masa tambayoyi. Suna, lambar waya ko imel, da saƙo sun isa. Mai tambayar farashin takalmi ba shi da dalilin ba ka ranar haihuwarsa ko adireshin gidansa, BVN da NIN kuwa duk shafin da ya tambaya gudu ake yi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta tafi a kan cewa bayanin da za a karɓa kada ya wuce abin da buƙatar ta kira. A ƙarƙashin fom ɗin a sa jimla guda: lambarka don amsa maka ce kawai, ba za mu ba wa kowa ba. In an rubuta haka, to kada a wayi gari a jefa mutane rukunin talla ba da izininsu ba.

Na uku, fom yana mutuwa shiru. Mai cikewa zai ga "saƙonka ya tafi", amma saƙon yana faɗawa akwatin Spam, ko yana zuwa imel ɗin yaron da ya haɗa shafin, wanda ya daɗe da barin garin, ko kuɗin sunan shafin na shekara ya ƙare imel ɗin ya tafi da shi. Alamar ita ce WhatsApp yana ta ƙara amma fom bai kawo komai ba tsawon wata. Wanda ya ga haka kada ya ce mutane ne ba sa cikewa. Ya ari wayar maƙwabci, ya cike fom ɗin da kansa, ya latsa kowace lamba, ya ga abin da ya iso.

Harshe kuma na masu saye ne. Mai takalman da ke neman Legas da Fatakwal zai buƙaci Turanci kusa da Hausa, mai neman Yamai wataƙila Faransanci. Abin kiyayewa shi ne duka su faɗi abu guda. In Hausar ta ce kwana bakwai Turancin ya ce goma sha huɗu, an shuka rigima. Kuma kuskuren rubutu a lamba ko farashi ya fi kuskuren nahawu tsada, don haka a ba wani ya karanta kafin a ɗora.

Duk wannan yana da iyaka. Shafi mai kyau ba ya tabbatar da cewa mai shi mutumin kirki ne. Ana iya satar lambar RC ta wani, ana iya satar hoton shago. Abin da ke da wuya ga ɓarawo shi ne ya sa komai ya dace lokaci guda: sunan CAC ya yi daidai da na banki, alamar taswira ta faɗa kan ƙyauren da ke cikin hoto, wanda ya ɗauki waya ya yarda a yi kiran bidiyo daga cikin shagon. Shi ya sa ga odar kuɗi mai nauyi, mai shago ya buɗe wannan ƙofa da kansa a rubuce: "Kana iya turo wani naka da ke Kano ya ga kaya kafin ka biya, ko mu yi kiran bidiyo a lokacin aiki." Ga oda ta farko kuma ya ba da damar a fara da ƙafa biyu ko uku.

Saura kula da shafin bayan an ɗora. Shago yakan tashi daga layi zuwa layi, layin waya yakan ɓace, yaron da ke ɗaukar oda yakan bar aiki ya tafi da lambar a wayarsa, kuma wannan na ƙarshen yana da haɗari, domin kwastomomi za su ci gaba da tura masa saƙo da sunan shagon. Layin sana'a ya kasance da rajistar mai sana'ar, kuma ranar da wani abu ya canza a shago, ranar za a canza shi a shafi da Google Maps da WhatsApp gaba ɗaya. A ƙasan shafin tuntuɓa a rubuta wata da shekarar da aka yi gyara na ƙarshe, a kuma sake dubawa duk bayan wata uku ko da ana ganin babu abin da ya motsa.